Matan da Takarda Ta Ce Ba Su da Aiki

Akwai wata wasiƙa da wasu malaman jami'a kan nemi ɗalibi ya rubuto musu bayan ya dawo daga bincike a cikin jama'a. Dabam take da kundin da za a ba wa maki. A kundi ɗalibi yana faɗin abin da ya gano game da mutane, a wasiƙar kuwa yana faɗa wa malaminsa abin da ya ɗauka kafin ya tafi, da inda zaton nasa ya ci karo da zahiri. Na karanta irinta da dama. Yawancinsu godiya ce zalla: mutanen ƙauye suna da karamci, na koyi haƙuri, idona ya buɗe. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai mutum zai iya rubuta wannan ko bai taɓa barin ɗakinsa ba. Ɗaya ce ta tsaya mini a rai, ta wata ɗalibar ajin ƙarshe da ta yi mako shida a wani gari na karkara tana binciken yadda gidaje suke samun kuɗin shiga. Da ita zan nuna yadda irin wannan wasiƙa take idan ta yi kyau.

Bayan sallama da gaisuwa, ga yadda ta buɗe:

"Allah ya gafarta Malam, kafin in tafi kun sa na rubuta abubuwa uku da nake zaton zan tarar, kuka ce in sa kwanan wata in ajiye. Na farko a cikinsu shi ne: matan da ke kulle ba su da abin yi, komai nasu a hannun miji yake. Na rubuta shi ban ko yi tunani ba, kamar yadda mutum zai rubuta cewa rana daga gabas take fitowa."

Wannan ajiyar zato a rubuce ita ce gishirin abin. Ɗan Adam, da zarar ya gane wani abu, sai ya ji kamar dama can ya sani. In ba a kama zaton da tawada tun kafin tafiya ba, ɗalibi zai dawo yana rantsuwa bai taɓa tunanin haka ba, kuma ba da gangan zai yi ba.

A makon farko ta cike takardun tambayoyi na gida arba'in. Mai unguwa ya haɗa ta da ɗan rakiya, suna tsayawa a zaure, maigida ya fito, ta karanta masa tambayoyi. Tambaya ta tara an tsara ta da Turanci, ita ta mayar da ita Hausa: "Matarka tana aiki?" Gida talatin da huɗu suka ce a'a, tana gida. Sauran shidan, malamar firamare ce ko mai aiki a asibitin garin ko makamancinsu. Ta ce a daren da ta haɗa lissafin har daɗi ta ji, don alƙaluma sun gaskata ta.

Abin da ya rushe lissafin ƙarami ne. Tana zaune a zauren wani gida tana jiran maigida ya idar da sallar la'asar, gidan da ta riga ta rubuta cewa matansa biyu ba su da aiki, sai ta lura da zirga-zirgar yara. Wani ya shiga da kwalba fanko ya fito da ita cike da man gyaɗa. Wata yarinya ta fito da faranti a ka, ƙuli-ƙuli jere a kai. Wata ta shiga tana sallama, wai a ba ta daddawa in ji innarta. Kafin maigidan ya fito ta ƙirga yara bakwai. Da ya zo ta nemi izinin shiga ta gaida matan gida, ya ce ai ke mace ce, shiga mana. A tsakar gida ta tarar da turmi ana matsar tunkuza, mai yana tsattsafowa, kasko a kan murhu, ga buhun gyaɗa jingine a bakin ɗaki. Ta tambayi uwargidan ko tana aiki. Matar ta yi dariya, hannunta dumu-dumu da mai, ta ce, "Ina ni ina aiki, 'yar nan? Ban yi boko ba. 'Yar sana'ata dai nake taɓawa."

A nan ne wasiƙar ta rabu da sauran. Ba ta tsaya ga cewa ta yi mamaki ba, ta bi kuskuren ta gano ta ina ya shigo. Ta ce kalmar ce farko: a bakin mutanen garin, aiki shi ne na albashi, na gwamnati ko na kamfani, abin da mace ke yi a tsakar gida don riba kuwa sana'a ne. Babu wanda ya yi mata ƙarya, tambayar da ta yi suka amsa. Sai wanda ta tambaya. Ci da sha da sutura a wuyan miji suke, don haka baƙuwa ta tsare shi a ƙofar gidansa gaban ɗan rakiyar mai unguwa tana tambayar ko matarsa na nema, zai iya jin kamar ana cewa ya gaza. Ban da haka, dukiyar mace tata ce a shari'a da al'ada, kuma maza da yawa ba su san adadin abin da ke shiga hannun matansu ba. Wani ma da kuɗinsa yake sayen ƙosan da aka toya a gidansa. Na ƙarshe shi ne wurin da ta tsaya. Daga zaure ba a ganin kasuwar da ke ci a cikin gida, 'yan aikenta kawai ake gani.

Ba ita ta fara tuntuɓe da wannan dutse ba, kuma na ji daɗin da ta koma ɗakin karatu ta tabbatar. Polly Hill, wata Baturiya mai nazarin tattalin arzikin karkara, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, kuma a 1969 ta buga maƙala a kan cinikin da ke gudana a ɓoye cikin gidajen Hausawa, inda mata ke sayar da hatsi da abinci ba tare da sun taka kasuwa ba. Littafinta a kan garin ya fito a 1972. A cikin shekarun 1970 kuma Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano a kan yara, ta nuna cewa su ne ƙafafun matan kulle: su ke sayo kaya, su ke talla, su ke kai saƙo. Ɗalibar ta rubuta, da ɗan jin kunya, cewa an ambaci sunayen nan a aji ta kwafa a littafi, amma bai hana ta rubuta tambaya ta tara yadda ta rubuta ta ba.

Wasiƙar da ta tsaya a kan gane kuskure rabin wasiƙa ce. Malami yana son ya ji me aka yi bayan an gane. Ita ta koma gidajen nan arba'in ɗaya bayan ɗaya, ta bar ɗan rakiya a waje, ta shiga ciki. Ta jefar da kalmar aiki. Ta riƙa tambayar kowace mace me ta yi jiya daga asuba zuwa kwanciya, sannan a cikin kwana bakwai da suka wuce akwai abin da ta yi ko ta sayar aka ba ta kuɗi. Da wannan sai ga ɗinkin hula, kitso, surfe da daka na lada, dafa ɗanwake da awara, kiwon tumaki don babbar Sallah, sayar da gishiri da magi ƙulli-ƙulli. A gidaje talatin da huɗun da aka ce babu, ta samu sana'a a ashirin da tara. Ta kuma lura, wanda ni ban yi tsammani daga ɗalibar digirin farko ba, cewa ta je ne bayan kaka, lokacin da gyaɗa ta wadata kuma akwai kuɗi a hannun mutane, don haka ba ta da hurumin cewa haka lissafin zai kasance a tsakiyar damina.

Sai kuma wurin da na fi girmama ta. Ɗalibin da zatonsa ya rushe yakan yi tsalle ya faɗa kishiyarsa: jiya matan abin tausayi ne, yau kuma attajirai ne masu cin gashin kansu. Ta ce ita ma ta yi kwana biyu a cikin wannan maye, har ta zauna da mai ƙulin nan suka bi kuɗin tiya-tiya. Gyaɗar bashi ake ɗaukowa wurin wani ɗan kasuwa, a biya bayan an sayar. A cire kuɗin inji, a cire itace. Matar ta ce man shi ke mayar da uwar kuɗi, ƙulin ne riba, kuma ranar da gyaɗa ta tashi ko faranti ya dawo da kwantai, ribar ta tafi. Abin da ya saura yana shiga adashi, daga adashi ya tafi biki da kayan ɗakin 'ya. Yarinyar da ke ɗaukar farantin kuwa, wadda don ita ake tarin, shekararta goma sha ɗaya, kuma ranar kasuwa ba ta zuwa makaranta.

"Malam, na tafi da amsa ɗaya na dawo da tambayar da ta fi ƙarfina. In an hana talla, jarin uwar ya mutu. In an bar shi, karatun 'yar ne ke mutuwa. Ban san abin da zan rubuta a babin shawarwari ba, kuma na gwammace in faɗa muku haka da in ƙirƙiro."

Na ba ta amsa cewa ta rubuta hakan a babin, da hujjojinta. Na kuma ja kunnenta a kan abu biyu. Ta cire sunan matar da na mijinta daga kundin, don sun yi mata magana ne a kan amana, har da zancen bashi. Sannan gida arba'in na gari ɗaya ba su isa a ce "matan Hausawa" ba, ta ce matan gidajen da na shiga.

A ƙasan wasiƙar, bayan ta sa hannu, ta ƙara wasu layuka da biro. Ta ce ranar da ta dawo gida ta tarar da mahaifiyarta a gaban firji tana ƙulla zoɓo da kunun aya a leda, almajiri na tsaye da kula yana jira. Da kuɗin wannan zoɓon aka sha cika mata kuɗin rajista. Kuma tun daga sakandare har jami'a, duk fom ɗin da aka tambaye ta aikin mahaifiya, matar gida take rubutawa.