Shirin Musamman: Farashin Gwamnati da Layin Mai a Ƙasar Yauri

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Yelwa da Shanga da Ngaski da Wara, da masunta da matuƙa jirage da ke bisa ruwan Kainji, da manoman rani da ke sauraronmu daga fadama. Yau shirin namu zai duba wata tambaya da kowa ya taɓa yi a layin mai: me ya sa da zarar hukuma ta ƙayyade farashin abu don ta sauƙaƙa wa talaka, sai abin ya ɓace daga kasuwa?

Ƙayyade farashi iri biyu ne. Akwai iyakar sama, wato hukuma ta ce kada a sayar da abu fiye da kaza, don ta kare mai saye. Akwai kuma iyakar ƙasa, ta ce kada a saya ƙasa da kaza, don ta kare mai sayarwa, kamar manomi ko ma'aikaci. Za mu fi daɗewa kan ta farkon, domin ita muka fi ɗanɗanawa, kuma ba mu da misalin da ya kai na man fetur. A ƙasar Yauri fetur ba na masu mota ba ne kawai. Da shi injin jirgin ruwa ke ɗauko mutane daga tsibirai ranar kasuwa, da shi injin ban-ruwa ke shayar da albasa da shinkafa, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gidansa.

Mu koma ƙarshen shekarar 2017. A watan Mayun 2016 gwamnatin tarayya ta tsayar da cewa litar fetur ba za ta wuce naira 145 ba. A lokacin, wannan farashi yana bai wa ɗan kasuwa damar ya shigo da mai daga waje ya sayar ya samu ɗan abin da ya samu. Amma farashin ɗanyen mai a duniya bai tsaya yana jiran takardar Abuja ba. Ya ci gaba da hawa, har ya zama a ƙarshen 2017 kafin a sauke lita guda a tashar jiragen ruwa ta Legas an kashe kimanin naira 171, kamar yadda hukumomin mai da kansu suka bayyana.

To, mai sauraro, ɗauki alƙalami. Ka sayo abu 171, doka ta ce ka sayar 145. Asarar naira 26 ke nan a kowace lita, tun kafin a biya direba ko a zuba wa tanka gas. Tanka guda mai cin lita 33,000 asararta ta kai naira 858,000. Wane ɗan kasuwa ne zai yi wannan ciniki sau biyu? Babu. Shi ya sa 'yan kasuwa masu zaman kansu suka janye hannu daga shigo da mai, aka bar kamfanin NNPC shi kaɗai da ɗawainiyar ƙasa baki ɗaya, a daidai lokacin da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara suka ƙara buƙata. Wannan shi ne dalili na farko na ƙaranci: farashin da bai kai kuɗin da aka kashe ba yana korar mai kawo kaya.

Dalili na biyu yana wajen masu saye. Idan abu ya yi araha fiye da ƙimarsa, kuma mutane suka ji ƙishin-ƙishin zai yanke, wanda ya saba shan lita 10 sai ya cika tanki ya ƙara da jarka. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Kaya sun ragu, hannuwan da ke miƙowa sun ƙaru, farashin da zai daidaita su kuma an ɗaure shi. Abin da ya rage shi ne layi.

A nan ne nake so mu tsaya kaɗan, domin a nan ne abin ya fi shafar mu. Idan mai ya yi ƙaranci, ba a raba ƙarancin daidai tsakanin garuruwa. Mai tanka yana da zaɓi. Zai iya saukewa a Legas ko Ibadan ya koma ya sake lodi, ko kuwa ya kama doguwar hanya ta Kwantagora har Yelwa, ya sayar a kan farashi ɗaya da na can. Gaskiya ne a wancan lokacin akwai asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 don ya biya kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, amma 'yan kasuwa sun sha kokawa cewa biyan yana jinkiri. Wanda kuɗinsa ya maƙale ba ya ɗokin tafiya mai nisa. Ga kuma iyaka. Jihar Kebbi tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin da Nijar, inda lita ta fi tamu tsada nesa ba kusa ba a shekarun tallafi. Duk jarkar da ta tsallaka ta wajen Kamba ko Lolo riba ce tsagwaronta. Abin ya kai a watan Nuwamban 2019 gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya jefa mutanen waɗannan garuruwa cikin wahala ba tare da sun yi laifin komai ba.

Yanzu mu dubi matuƙin jirgi da ke son lita 20 don ya ɗauko fasinja daga tsibiri zuwa kasuwar Yauri. A farashin gwamnati na 2017 kuɗinsa naira 2,900. Ya iso gidan mai da jarkarsa, ya tarar da motoci da babura tun daren jiya, famfo ɗaya ke aiki, kuma an ce ba a zuba wa jarka, saboda ana zargin masu jarka da kai wa kasuwar bayan fage. Shi kuwa ba zai iya janyo jirginsa daga bakin ruwa ya shiga layi da shi ba. Dokar da aka yi don ɓarawo ta faɗa kan mai gaskiya. Sai ya juya wajen ɗan bumburutu da ke tsaye da galan a gefen titi. A ƙaddara ya saya lita 250, kuɗin ya zama 5,000. Ƙarin 2,100 ɗin nan bai shiga aljihun gwamnati ba, bai kuma sa an shigo da ƙarin mai ko lita guda ba. Ya tafi ne ga wanda ya samu shiga gaban layi. Matuƙin kuma zai ɗora shi kan kuɗin fito, matar da ta kawo bandar kifi ta biya, ita ma ta ɗora kan kwandonta. In ya ƙi sayen bumburutu ya zauna layi, ya yi asarar ranar kasuwa. In aka yi rashin sa'a man gauraye ne da kananzir, ga gyaran inji. A takarda lita tana 145, amma mutumin tsibiri bai taɓa ganin wannan arahar ba.

Ta yaya za ka gane cewa ƙayyade farashi ne ya haifar da ƙaranci, ba yankewar kaya ta gaskiya ba? Duba gefen titi. Idan gidan mai a rufe yake amma galan-galan sun yi jere a ƙofarsa, to man yana nan, farashin ne ba ya fito da shi. Idan ka ga ana sayarwa da dare ga wanda aka sani, ko ana taɓa mita, ko sai ka ba da na goro kafin a zuba maka, duk hanyoyi ne da farashin gaskiya ke bi ya dawo ta bayan gida. Dattawanmu sun ga irin wannan a 1984, lokacin layin kayan masarufi, da aka tilasta wa 'yan kasuwa sayar da madara da sukari da sabulu a farashin kwantirol, kantuna suka wayi gari babu kaya.

Ba ina cewa cire iyaka aljanna ce ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuma kowa a nan ya san yadda kuɗin fito da na ban-ruwa suka yi. Layi ya ɗauke, tsada ta zauna. Amma ku lura, a 2024 da NNPC ya sake riƙe farashi ƙasa da kuɗin sayowa, bashi ya taru masa wajen masu kawo mai, layin ya dawo, sai da aka ɗaga farashi a watan Satumba. Iyakar sama tana tsayawa ne kawai idan akwai mai biyan giɓin, a kan lokaci, har ƙarshe.

Iyakar ƙasa kuwa ita ce ɗaya fuskar. A ce lokacin kaka buhun shanshara yana naira 30,000, gwamnati ta ce kada a saya ƙasa da 40,000. Manoman Shanga za su fito da duk abin da ke rumbu, baɗi ma su ƙara faɗin gona. Masu injin casa da fatake kuwa za su rage saye. Maimakon ƙaranci sai a samu rara, buhuna a jibge babu mai ɗauka. In gwamnati ba ta zo da kuɗi hannu da sito ta kwashe rarar ba, manomin da ke da biki ko bashin taki zai sayar wa dillali a ɓoye a kan 30,000 ko ƙasa da haka. Najeriya ta gwada wannan da Hukumar Hatsi da aka kafa a 1977, aka rushe ta a 1986. Hatsi ma ke nan, da ke jure ajiya. Albasar Yauri da ɗanyen kifi ba za su jira a kammala takardun biya ba.

Malamanmu ma sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa. Ya zo a hadisi cewa da kaya suka yi tsada a Madina, aka nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Malaman da suka halatta wa shugaba yin hakan saboda maslaha sun gindaya sharaɗin a tara 'yan kasuwa, a binciki yadda suke sayo kayan, a bar musu ribar da za ta sa su ci gaba da kawowa. Ɓoye kaya don a cuci jama'a kuwa haramun ne, kuma hukuma na da ikon hukunta mai yi.

Ra'ayina shi ne, in ana son taimakon matuƙin jirgi da manomin rani, a kai musu taimakon hannu da hannu, a gyara hanyar da kaya ke biyowa, a bar farashi ya faɗi gaskiyar abin da ke kasuwa. Ku kuma masu sauraro, duk ranar da kuka ji an sanar da sabon farashin gwamnati, na mai ko na taki ko na shinkafa, ku tambayi wakilanku abu biyu: nawa aka kashe kafin kayan su iso Yauri, kuma wa zai biya bambancin? In ba su da amsa, ku faɗa musu tun kafin layi ya kafu.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah ya ba mu albarkar kasuwa, ya kiyaye masu tafiya bisa ruwa. A huta lafiya.