Ciniki Miliyan 48 Ko Miliyan 41? Yadda Ake Haɗa Shafukan PowerPoint Na Sassa Biyu

Mu ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa da zai zauna da masu hannun jari ranar Alhamis. Sashen sayarwa ya turo shafukan PowerPoint goma sha huɗu, sashen lissafin kuɗi ya turo goma sha biyu, aka ce wa ma'aikaci ɗaya ya mayar da su jawabi guda na minti ashirin. Abin da yawanci kan yi shi ne su liƙa na wannan a bayan na wancan, su daidaita launi, su ce an gama. A zauren taro ake gane ba a gama ba. Shafi na uku ya ce cinikin wata uku naira miliyan 48 ne, na goma sha bakwai ya ce miliyan 41, sai wani dattijo ya ɗaga hannu: "Wanne za mu ɗauka?"

Babu wanda ya yi ƙarya. A wurin masu sayarwa, ciniki shi ne duk kayan da suka bar sito, har da waɗanda aka bayar bashi. A wannan misalin kuwa, masu lissafi kuɗin da suka shiga asusu kaɗai suka ƙirga. Miliyan bakwai ɗin nan bashi ne da ke hannun mutane. Saboda haka nake ganin aikin da takarda da biro yake farawa. A ja layi uku: kalmar, abin da sashen farko ke nufi da ita, da abin da na biyu ke nufi. Inda aka yi shakka a kira mai shafin a tambaye shi: "Ranka ya daɗe, wannan adadin ya haɗa da bashi?" Kada mai haɗawa ya yanke hukunci shi kaɗai, domin alƙaluman ba nasa ba ne.

Iri biyu za su fito. Akwai kalma ɗaya mai ma'ana biyu, kamar cinikin nan. Maganinta a raba mata suna: "kayan da aka sayar" da "kuɗin da aka karɓa", sannan a ajiye su a shafi ɗaya tare da bashin da ke tsakaninsu. Akwai kuma kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, wani ya ce dila, wani ya ce kwastoma, alhali mutanen ɗaya ne. Wannan mai sauƙi ne, a zaɓi guda. Haka ma ma'auni: idan wani na ƙirga buhu wani na ƙirga tan, a tuna buhu ashirin masu kilo hamsin ne tan ɗaya, a mayar da komai ma'auni guda.

Sai maimaici, wanda ba ya bayyana daga kanun shafi. Dabarar ita ce a rubuta abin da kowane shafi ke faɗa a jimla ɗaya. Nan za a ga "Ƙalubalen sufuri" na masu sayarwa da "Hauhawar kashe kuɗi" na masu lissafi duk tsadar man dizal suke magana. Idan magana ɗaya ce tsaf, a bar shafin sashen da adadin ya fito daga littafinsa. Amma a duba da kyau kafin a goge. Idan ɗaya ya nuna nawa aka kashe, ɗayan ya nuna motoci nawa suka makara, to sababi ne da sakamakonsa, haɗa su za a yi. Gabatarwa biyu, tarihin kamfani biyu da godiya biyu kuwa, kowanne ya koma ɗaya.

Yanzu ne za a taɓa kwamfuta. A zaɓi fayil guda ya zama uwa, a kwafo shafukan ɗayan, a liƙa su da zaɓin Use Destination Theme don su ɗauki kamannin uwar. A buɗe Slide Sorter a jera su bisa maganar, kowane batu da ɗan'uwansa, ko da daga sassa dabam suka fito. Ctrl+H zai sauya kalma ko'ina, sai dai a sa alama a Find whole words only, in ba haka ba mai sauya "dila" zai tarar "dilanci" ta koma "kwastomanci". Jam'in kalmar ma sai an neme shi dabam. Kuma wannan umarni ba ya ganin rubutun da ke cikin hoto. Teburin da aka ɗauko hotonsa daga Excel zai ci gaba da cewa "ciniki" har sai an nemi ainihin fayil ɗin wurin mai shi an sake shi.

Kafin ranar Alhamis a tura wa shugabannin sassan biyu abin da aka haɗa, tare da takardar kalmomin da jerin shafukan da aka cire, kowa ya tabbatar da alƙalumansa.