Yaron kanti na farko: a rubuta masa aikinsa kafin a ba shi mabuɗi

Duk wanda ya san unguwannin Maraɗi ko Damagaram ya san irin kantin nan na bakin hanya, inda ake sayar da shinkafa da sukari da mai da sabulu, mai shi kuwa shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne mai shara. Ranar da ciniki ya fi ƙarfin hannu guda, sai ya kira wani saurayi, galibi ɗan ɗan'uwa ko ɗan maƙwabci, ya ce masa: "Ka riƙa taimaka mini a kanti." A nan maganar take ƙarewa. Bayan wata uku sai a ji ana ce-ce-ku-ce: maigida yana cewa kuɗi sun ɓata, yaro yana cewa ba a taɓa gaya masa ba.

Kalmar taimako ita ce tushen rigimar, domin ba ta da iyaka. Abin da ake bukata shi ne takarda ɗaya, shafi guda tak, wadda za ta faɗi abin da yaron zai yi, da abin da yake da ikon yankewa shi kaɗai idan maigida ba ya nan. A ganina wannan na biyun ya fi na farkon nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Mu ɗauki misalin mai kanti wanda yake barin kantinsa kowace safiya ya tafi babbar kasuwa saro kaya, ba ya dawowa sai azahar. Kafin ya rubuta kome, ya kamata ya yi mako guda yana lura da kansa, yana rubuta duk abin da hannunsa ya taɓa tun daga buɗe ƙofa har rufewa. Zai tarar da ayyukan da bai taɓa ɗaukar su aiki ba: ƙulla sukari a leda, duba ranar lalacewar madarar gwangwani, neman canji wurin maƙwabta. Daga cikinsu ne zai zaɓi waɗanda zai saki. Sa'an nan ya rubuta kowane da kalmar aikatawa da lokacinsa. "Kula da tsabta" ba ta gaya wa kowa kome ba. "Share kanti da goge kantoci kafin ƙarfe 8" kuwa, ko baƙo ya shigo zai iya gani ko an yi ko ba a yi ba.

Sai maganar iko. Abubuwa uku ne mai saye zai matsa wa yaro a kansu da zarar ya ga maigida ba ya nan: ragi, da bashi, da karɓar kuɗi daga akwati da sunan maigida. Idan takarda ta yi shiru, yaron zai yanke da kansa, kuma kunya ce za ta yanke masa, gama ɗan shekara 20 ba ya iya ce wa dattijuwar unguwa a'a. Saboda haka a rubuta: farashi yana manne a bango, ba a ragi. Bashi sai ga mutanen da sunayensu suke shafin farko na littafi, kowane kada ya wuce sefa 5.000, kuma a rubuta shi nan take. Kuɗi ba sa fita daga akwati sai maigida ya yi magana da bakinsa ko ta waya, ko da ƙanensa ne ya zo. Wannan layin garkuwa ce ga yaron kansa, domin yana iya cewa: "Baba, ki yi haƙuri, ba ni da iko, ga abin da maigida ya rubuta."

A nan akwai wani tarko da mu masu aikin fassara muka saba cin karo da shi. A bakin Bahaushen Nijar kuɗi da dala ake ƙirga su, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Wanda ya ce "ɗari biyar" a kasuwa yana nufin sefa 2.500, ɗan lakol kuwa yana iya rubuta 500. To, a faɗa a kan takardar cewa duk adadin da ke cikinta na sefa ne, yadda aka buga shi a jikin kuɗin.

Takardar kuma ta faɗi yadda ake miƙa akwati, domin ba daidai ba ne a ɗora wa mutum alhakin kuɗin da ba a ƙirga a gabansa ba. Ga yadda lissafin yake. Da safe an bar masa canji na 10.000, su biyu suka ƙirga. Littafi ya nuna kayan da suka fita ranar sun kai na 86.500, a cikinsu na 6.000 bashi ne, an kuma biya mai kura 1.500 ladan dako. A haɗa 10.000 da 86.500, a cire 6.000 da 1.500: abin da ya kamata a tarar a akwati 89.000 ne. Idan 87.000 aka tarar, giɓin 2.000 na ranar ne, kuma tun da maraicen ana iya tuna ko bashi ne aka manta rubutawa, ko maigida ne ya ɗauki kuɗin cefane bai faɗa ba, abin da yake faruwa fiye da yadda iyayen gida suke yarda. In an bari sai ƙarshen wata, ba mai iya tunawa, sai zargi. Wanda ya riƙe mabuɗin mangaza ma a rubuta sunansa. In mabuɗi biyu ne, to alhakin buhunan na mutum biyu ne.

Wani layi da ake jin nauyin rubutawa shi ne na abin da ba ya cikin aikin. Yaron kanti yakan wayi gari shi ne mai kai yara lakol, shi ne mai kai niƙa, uwargida tana aika, maigida yana aika. In ana son ya yi waɗannan, a rubuta su, a san cewa sa'ad da yake kan hanya ba shi ke da alhakin kanti ba. A kuma faɗi mutum ɗaya da yake karɓar umurni daga gare shi.

Kada mai kanti ya ɗauka cewa ƙanƙantar kantinsa ta fitar da shi daga doka. Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta shafi duk wanda yake aiki ƙarƙashin umurnin wani don a biya shi, ko an yi rubutu ko ba a yi ba. Ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako, kuma wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS. Albashi mafi ƙaranci, wanda ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, an ɗaga shi zuwa 42.000 daga farkon 2024. Don haka lokutan aiki, da ranar hutu, da albashi, da ranar biyansa, duk su fito a rubuce. Takardar bayanin aiki ba ta maye gurbin kwantara. Wanda yake son tsara kwantarar yana iya zuwa wurin sufetan ƙwadago na jiharsa.

Da wane harshe za a rubuta? Da wanda su biyun suke karantawa, Hausar boko ce, ko ajami, ko Faransanci. In ɗayansu ba ya karatu, a karanta masa a gaban shaida, sa'an nan a ce ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne rubutun bai fito sarai ba, sai a gyara. A yi kwafi biyu, kowa ya sa hannu da kwanan wata, ɗaya a aljihun yaro, ɗaya a cikin littafin kanti. Bayan wata guda a sake zama a kanta. In yaron ya riƙe amana, ana iya ɗaga iyakar bashin daga 5.000 zuwa 10.000, a soke tsohon adadin da alƙalami, a rubuta sabon a gefensa, su biyu su sake sa hannu.