"Ya Zo Na Nawa?": Zaman Malami da Uba Kan Yaron da Karatu Ke Yi Wa Wuya

A ƙarshen kowane zangon karatu, makarantun firamare na masarautar Daura, daga cikin gari har ƙauyukan Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, kan kira iyaye taro. Wanda ya saba zuwa ya san yadda abin ke tafiya. Hedimasta ya yi maganar rufin ajin da iska ta yaye, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya yi ta kuɗin gudummawa, a raba takardun sakamako, a shafa fatiha. Uban da ya karɓi takarda abu ɗaya yake nema a cikinta: yaron ya zo na nawa? In ya ga na 58 cikin 63, sai ya naɗe ta ya sa aljihu, fuska a murtuke. Malami kuwa in an tambaye shi, amsarsa ba ta wuce "ai ba ya ƙoƙari" ko "wasa ya yi masa yawa." Da daddare a yi wa yaron faɗa, ko a zane shi. Zango mai zuwa ya zo na 60.

Lambar nan ta 58 ba ta gaya wa kowa abin da ke damun yaron ba. Ta dai nuna cewa yara 57 sun fi shi maki. Aikin zaman malami da uba shi ne a bar zancen "ba ya ƙoƙari" a koma kan abin da za a iya nunawa da yatsa: ga abin da ya iya, ga daidai inda ya tsaya, ga ranakun da bai zo ba.

Kafin komai, maganar yaro ɗaya ba ta tsakiyar taro ba ce. Wasu shugabannin makarantu suna karanto sunayen waɗanda suka faɗi a gaban jama'a, wai don iyaye su ji kunya su tashi tsaye. Abin da ke faruwa shi ne dattijon da aka kira sunan ɗansa a gaban maƙwabta ba zai ƙara zuwa taro ba, kuma fushin da ya haɗiye a makaranta a kan yaron zai sauke shi. Ya fi kyau malami ya aika tun kwana biyu kafin taro cewa yana son ganin mahaifin a keɓe bayan an tashi, minti goma ko sha biyar, a cikin aji ko ofis. Yaron kuma kada ya tsaya yana ji a farkon maganar. A kira shi a ƙarshe.

Akwai kuma batun wanda ya kamata ya zo. Mahaifi ne ke halartar taro, amma uwa ce ta san ƙarfe nawa yaron ke barci, ko ya karya kafin ya fita, da kwanakin da ya yi kwance da zazzaɓi. In ba za ta fito ba, sai malama mace ta leƙa gidan, ko a ba mahaifin tambayoyin ya je ya jiyo. Malami ya kuma lura da alkunya. In yaron ɗan fari ne, iyayensa kan kau da kai, ba su faɗin sunansa, ba su nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Baƙon malami zai ɗauka rashin kula ne. A irin wannan gida, zama da baffa ko kawu ko kakar da yaron ke hannunta ya fi ba da amfani.

Mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. Yaro ne ɗan shekara goma a aji huɗu, shi ne na 58 ɗin nan, a zango na farko. Malamin da ya shirya ba zai zo da takardar sakamako kaɗai ba. Zai zo da rijistar kiran suna, da littafin rubutun yaron, da sakamakon wani ɗan gwaji da ya yi masa shi kaɗai, wanda bai fi minti biyar ba.

Gwajin nan tsari ne da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yaɗa, kuma ba ya bukatar komai sai takarda ɗaya. A rubuta baƙaƙe da wasula kamar goma a warwatse, har da ɓ da ɗ da ƙ. Sai kalmomi masu gaɓa biyu irin su gero, rumbu, ƙofa. Sai jimloli huɗu gajeru. Sai ɗan labari. Yaro ya karanta har inda ya cije. Da Hausa ake farawa, domin in an ba shi Turanci ya kasa, ba a san ko karatun ne bai iya ba ko harshen ne bai ji ba. Haka ma shirin RANA, da UNICEF ta tallafa wa a wasu makarantun jihohin Katsina da Zamfara daga 2015, ya ɗora koyon karatu na ƙananan azuzuwa a kan Hausa. A misalinmu, yaron ya san haruffa duka, yana haɗa "ge" da "ro" ya ce gero, amma jimla ta gagare shi. Ke nan yana aji huɗu, inda littattafai da jarrabawa suka koma Turanci, alhali karatunsa na ɗan aji ɗaya ko biyu ne. Shi ya sa ya faɗi kimiyya da zamantakewa da addini a tare. Tambayoyin ne bai iya karantawa ba, kuma matsalarsa ɗaya ce, ko da yake jan biro ya bayyana a darussa takwas.

Lissafi ma haka. An ba shi 52 a cire 27, ya rubuta 35. Kuskuren nan yana da ma'ana: ya cire 2 daga 5 ya sami 3, sannan da ya ga 7 ba ta fita daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya sami 5. Aro daga gidan gomomi ne bai iya ba. Amma da malam ya ce masa, "An sayi ƙosai na naira 270 an ba ka 500, nawa ne canji?" nan take ya ce 230. Wanda ya yi wannan da ka ba daƙiƙi ba ne.

Da wannan ya kamata malami ya buɗe maganar, bayan gaisuwa da tambayar iyali:

"Alhaji, yaron nan na gwada shi da lissafin kuɗi, bai yi kuskure ba. Haruffa ma duk ya san su. Inda ya tsaya shi ne haɗa kalmomi su zama jimla. Ga takardar, duba nan."

"To Malam, ai ni na ɗauka kansa ne ba ya ja."

"A Islamiyya ina ya kai?"

"Ya wuce izu biyu, da ka yake kawo su."

"To ka ga kan da ya riƙe izu biyu lafiyarsa lau."

Tambayar Islamiyya ko makarantar allo tana da amfani ƙwarai a ƙasar Daura, domin kusan kowane yaro yana da malami na biyu da ya san shi. Sai dai tana da iyaka. Hadda da kunne take shiga, don haka tana nuna yaro yana riƙe abu, ba ta nuna yana gane rubutu ba. A tambaya ko yana iya bin baƙi da yatsa a shafin da bai taɓa biyawa ba. In can ma yana rikita haruffa duk da shekarun da ya yi, to abin ya wuce rashin zuwa makaranta, sai a ƙara bincike.

Daga nan sai rijista. A ce an yi kwana 62 ana karatu, yaron bai zo ba sau 17. Jimillar ba ta kai tsarin ranakun muhimmanci ba. In fashin ya taru a mako biyu ko uku na Oktoba da Nuwamba, kaka ce: roron wake da cirar gyaɗa. In rana ɗaya ce ke maimaituwa kowane mako, ranar kasuwa ce, ko talla ko jiran kaya. In kwana uku ne nan, huɗu can, daga ƙarshen damina, a tambayi zazzaɓin cizon sauro. In kuma ana yawan kwanciya da ciwon gaɓoɓi, a tambayi ko an taɓa gwada shi sikila. Yadda malami zai furta wannan shi ne wurin da zaman ke gyaruwa ko ya lalace. "Kuna hana shi zuwa makaranta" zargi ne, kuma magidanci zai kare kansa. "Na ga duk ranar kasuwa ba ya nan, akwai aikin da yake taya ku?" tambaya ce, kuma za a amsa ta. Manomin da ke bukatar hannu a gona ba zai bar amfaninsa ya lalace don malami ya yi wa'azi ba, amma zai iya yarda yaron ya zo da safe ya tafi gona bayan an tashi.

Ido da kunne su ne abin da aka fi mantawa, ga su da sauƙin ganewa. Yaron da ke kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon allo, ko yake ƙanƙance ido, ko sai an kira shi sau biyu, ko kunnensa na zubar da ruwa, a dawo da shi layin gaba na mako biyu a gani. In rubutunsa ya canza, a shawarci mahaifin ya kai shi asibiti a Daura a duba. Malami ya tsaya a kan abin da ya gani da idonsa. Kada ya ce wa uba ɗansa yana da taɓin ƙwaƙwalwa ko wata cuta mai suna; wannan aikin likita ne, kuma kalma irin wannan in ta shiga unguwa ba ta fita.

Uba ma yana da nasa tambayoyin, kuma bai kamata kwarjinin malami ya hana shi yin su ba. A ina yaron ke zama a aji? Makin gwaje-gwajen cikin zango ne ya yi ƙasa ko na babbar jarrabawa? In na cikin zango ne babu, wataƙila ranar gwajin ce bai zo ba. Sannan yara nawa ne a ajin ba su iya karanta jimla ba? In amsar ita ce rabinsu, matsalar ta ajin ce, kuma wannan ita ce maganar da ta dace da babban taro da kwamitin kula da makaranta, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

A rufe zaman da aiki ɗaya ga kowa, wanda zai iya. Malam zai zaunar da yaron a gaba, ya haɗa shi da 'yan uwansa masu matsala iri ɗaya, minti goma sha biyar kafin a tashi, sau uku a mako. A gida, yayarsa da ke ƙaramar sakandare za ta saurare shi yana karanta jimloli biyar na Hausa bayan magariba. Ba sai mahaifin ya yi boko ba, nasa shi ne ya tabbata an zauna. Sai a kira yaron, a faɗa masa abin da ya iya a gaban mahaifinsa, a gaya masa abin da za a yi. Malam ya kuma roƙi Alhaji a fili cewa kada a taɓa shi a kan takardar nan.

A sa ranar sake haɗuwa bayan mako huɗu da komawa hutu, kada a jira ƙarshen zango, a maimaita gwajin nan da sababbin jimloli. In ya karanta uku cikin huɗu, a ci gaba a kan haka har ya kai labari. In bai motsa ba ko kaɗan alhali yana zuwa kullum, a koma kan ido da kunne, a sa hedimasta cikin maganar. Zancen maimaita aji kuwa a ajiye shi sai zango na uku, kuma ko a lokacin a tambaya me za a koya masa dabam, domin littafin aji huɗun da ya kasa karantawa bana shi za a sake miƙa masa baɗi.