Jirgin Ruwa Mai Dakon Jiragen Yaƙi: Yadda Ya Kawar da Zamanin Igwa a Teku

A farkon ƙarni na 20, ƙasar da ta fi manyan igwa a kan ruwa ita ce sarauniyar teku. Amma igwa tana da iyaka. Yamato na Japan, wanda babu jirgin yaƙin da ya fi shi girman igwa, harsashinsa bai wuce kilomita 42 ba. Jirgin sama kuwa yana ɗaukar bam ya kai shi ɗaruruwan kilomita, ya dawo a sake yi masa lodi. Daga nan lissafin yaƙin teku ya sauya. A watan Mayun 1942, a Tekun Coral, rundunonin Amurka da Japan suka gwabza ba tare da jiragen ruwansu sun ko hangi juna ba.

Jirgin dakon filin jirgin sama ne a kan ruwa, sai dai gajere ne ƙwarai. Ko manyan na Amurka samfurin Nimitz tsawonsu mita 333 ne kacal. Shi ya sa idan za a tashi jirage, sai a juya hancin jirgin ya fuskanci iska, a ƙara masa gudu, domin fukafukai su samu iskar ɗagawa tun kafin jirgin saman ya motsa. Da jirage suka ƙara nauyi, sai aka koma ga wata na'ura mai aiki da tururi, tamkar majajjawa, wadda ke cilla jirgi da gudun kusan kilomita 250 a awa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Sauka ta fi wuya. Akwai igiyoyin ƙarfe da aka gitta a doron jirgin, jirgin saman kuma yana da ƙugiya a wutsiya. Matuƙin jirgin zamani yana taɓa doron sai ya ba injin wuta gaba ɗaya, domin idan ƙugiyar ta kuskure igiya, ya samu ƙarfin sake tashi maimakon ya faɗa teku.

A ƙarƙashin doron akwai babban zaure inda ake ajiye jirage, a zuba musu mai, a ɗaura musu bam, sannan na'urar ɗagawa ta kai su sama. Nan ne ƙarfin jirgin yake, nan ne kuma ajalinsa.

Yaƙin Midway ya nuna haka ƙarara. Ranar 4 ga Yuni 1942, Admiral Nagumo ya iso da jiragen dako huɗu: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Da asuba ya tura jirage 108 su kai wa tsibirin Midway hari, ya ajiye sauran da makaman nutsar da jiragen ruwa, ko da Amurkawa za su ɓullo. Bai san Amurka ta riga ta warware saƙonnin sirrin Japan ba, har jiragen dakonta uku suna laɓe suna jiransa. Da aka ce masa tsibirin na buƙatar hari na biyu, sai ya ba da umarni a sauya makaman zuwa bama-baman tudu. Ana cikin wannan aiki jirgin leƙen asiri ya aiko cewa ya hango jiragen ruwan abokan gaba. Aka sake juya umarni. Ga kuma jiragen da suka je Midway sun dawo, mai ya kusa ƙare musu.

A wancan zamani doron jirgi miƙaƙƙe ne, ba ya karɓar masu sauka ya kuma jera masu tashi a lokaci guda. Nagumo ya zaɓi ya fara sauke nasa. Ana yawan ɗora masa laifi, amma a ganina ƙirar jirgin ce ta ɗaure masa hannu. Wajen ƙarfe 10:20 na safe jiragen Amurka samfurin Dauntless suka sulalo daga sama, alhali zaurukan Japanawa cike suke da jirage masu mai da makaman da ba a kai ga mayarwa ma'ajiya ba. Cikin 'yan mintoci uku suka kama da wuta. Bam ɗaya tak da ya shiga zauren Akagi ya isa ya gama da shi. Hiryu ya samu ya raunata Yorktown na Amurka, kafin shi ma a ƙone shi da yamma.

Matsalar doro Turawan Ingila ne suka magance ta a shekarun 1950, da suka karkata layin sauka zuwa hagu, ta yadda wani na sauka wani na tashi daga gaba. Shi kuwa Yamato, jiragen sama daga jiragen dakon Amurka ne suka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945, yana kan hanyar Okinawa, bai ko kusanci jirgin ruwan abokan gaba ba.