Tsayuwa, gudu da tsalle a Unity: yadda za a haɗa su ba tangarɗa

Idan lokacin kare furojet ya zo, wasannin da 'yan ajinmu ke haɗawa da Unity sukan zo da ciwo iri ɗaya. Ka danna maɓalli, ɗan wasan ya fara sulalewa a ƙasa kamar an ɗora shi a baro, sai can daga baya ƙafafunsa su fara gudu. Wasu sukan ɗora wa tsohuwar laftof laifi, alhali matsalar tana cikin Animator Controller.

Ga yadda nake shirya nawa. A tagar Animator ina jawo motsi uku, Idle, Run da Jump. Idle ne zai zama mai ruwan lemo, wato inda ake farawa. Idle da Run suna buƙatar a kunna musu Loop Time don su riƙa maimaituwa, Jump kuwa a bar shi a kashe. Sai a shiga Parameters a ƙirƙiri abu biyu kacal: Speed a matsayin Float, da IsGrounded a matsayin Bool. Aikin kod shi ne ya faɗa wa Animator gaskiyar abin da ke faruwa, shi kuma ya zaɓi motsin da ya dace.

```csharp
Vector3 v = controller.velocity;
v.y = 0f;
animator.SetFloat("Speed", v.magnitude);
animator.SetBool("IsGrounded", controller.isGrounded);
```

Ku lura an mayar da `v.y` sifili, don kada saurin hawa sama ko faɗowa ya shiga lissafin gudu. Kuma sunan ya zama daidai harafi da harafi, `speed` ba `Speed` ba ne.

Yanzu kibiyoyi. Duk kibiyar da ka ja tsakanin motsi biyu tana zuwa da Has Exit Time a kunne, kuma nan ne asalin wancan sulalewar. Ma'anarsa, kada a bar wannan motsi sai ya kai wani matsayi. A ce Idle ɗinka daƙiƙa 2 ne, Exit Time kuma 0.9. Idan ka danna gudu daidai farkon zagaye, sai an jira daƙiƙa 1.8 kafin ƙafa ta ɗaga, alhali kod ya riga ya tafi da jikin. Idan kuwa ka danna dab da ƙarshen zagaye, sai komai ya tafi sumul. Shi ya sa abin ke rikita mutane, yau lafiya, gobe ba lafiya. To ka cire alamar a kan duk kibiyar da maɓalli ke jawowa, ka sa mata sharaɗi a Conditions.

Daga Idle zuwa Run nakan sa Speed Greater 0.2, dawowa kuma Speed Less 0.1. Da gangan na bar tazara, domin idan lamba ɗaya ce, saurin da ke yawo a bakin iyaka zai sa ɗan wasan ya dinga rawar ɗari tsakanin biyun. Transition Duration yakan zo a 0.25, ni ina rage shi zuwa 0.1.

Tsalle ya fi wuya. Darussa da yawa suna amfani da Trigger, ni dai ban cika sonsa a nan ba. Trigger yana nan a kunne har sai wata kibiya ta cinye shi, don haka wanda aka kunna ana sama zai jira, ana sauka ɗan wasan ya sake yin motsin tsalle ba wanda ya sa shi. Da IsGrounded babu wannan. Kibiya daga Idle da wata daga Run su shiga Jump idan ya zama false. Fita ma biyu ce, zuwa Run idan true ne kuma Speed ya haura 0.2, zuwa Idle idan true ne kuma yana ƙasa da 0.2. Ribar ƙari ita ce, ko daga kan katanga ya zame, motsin zai shiga da kansa.

Sai dai `isGrounded` na CharacterController yana duba kiran `Move` na ƙarshe ne kawai. Idan ba ka ɗan tura jikin ƙasa a kowane zagaye ba, misali da saurin -2, zai riƙa ƙyaftawa, ka ga mutum yana tsaye yana zabura.

Akwai kuma Interruption Source, wanda ke zuwa a None. Muddin ana tsakiyar wucewa daga Idle zuwa Run, kibiyar Run zuwa Jump ba za ta samu shiga ba sai an gama. Ka mayar da shi Next State a kan wannan kibiyar, tsalle zai iya katse ta.

Wajen gwaji, ka danna Play, ka zaɓi ɗan wasan a Hierarchy, tagar Animator tana buɗe a gefe. Shuɗin layi zai nuna motsin da ake ciki, lambobin Parameters kuma suna canzawa a gabanka. Idan lamba ta canza amma layin bai matsa ba, kibiya za ka bincika. Idan lambar ce ta ƙi motsi, ka koma kod ɗinka.