Alawa, marfin kwalba da ƙwallon dabino: koya wa yaro darajar kuɗi

Yaron da ya ji manya suna kukan tashin dala, ko ya ga 'yan canji a Wapa ta Kano, wata rana sai ya tambaya: "Baba, me ya sa kuɗin wasu ya fi namu?" Ana iya ba shi amsa a kan tabarma, da alawa ashirin.

A samu yara biyu da suka iya ƙirga, kowa da ƙasarsa da alawa goma a kantinsa. Kuɗin ƙasa ta farko marfin kwalba ne guda goma, na ta biyu ƙwallon dabino ashirin. A ce kowa ya raba kuɗinsa daidai a gaban alawoyinsa. Mai marfi zai ɗora ɗaya a gaban kowace alawa, mai ƙwallo ya ɗora biyu. Sai a tambaye su: ƙwallo nawa za a bayar a karɓi marfi ɗaya? A bar su su yi gardama har su gano biyu da kansu, kada babba ya yi gaggawar faɗa musu.

Daga nan a ƙara wa mai ƙwallo ashirin, ba tare da an ƙara alawa ba. Zai yi murna, amma da ya sake rabawa zai ga kowace alawa ta koma ƙwallo huɗu, marfi ɗaya ma huɗu. Kuɗi sun yi yawa, kaya suna nan yadda suke. Idan wani ya faki ido ya shanye alawa biyar, kada a tsawata masa. A sake rabawa, a ga alawa ta kai takwas. Ƙarancin kaya ma yana karya kuɗi.

Mataki na uku ya fi kusa da halin Najeriya. A ajiye alawar madara a kantin mai marfi kaɗai, a ce ba a sayar da ita sai da marfi. Mai ƙwallo zai yi ta ƙara tayi don ya samu marfi, muddin ba shi da abin da makwabcinsa ke so. Haka ɗan kasuwa ke neman dala don shigo da magani ko injina, alhali mafi yawan dalar ƙasar daga ɗanyen mai take zuwa.

Kuskuren da nake gudu shi ne yaro ya tashi da zaton ƙasa mai kuɗi mai tsada ita ce mai arziki. A 2007 Ghana ta mayar da tsohuwar sidi 10,000 sabuwar sidi ɗaya, abincin kasuwa bai ƙaru ba. Kuma wasan bai bayyana sefar Nijar ba, domin ita hukuma ce ta ɗaure ta da yuro: sefa 655.957 a yuro ɗaya.